Kwalba ɗaya ta ce 1,000, ɗaya ta ce 25: yadda ake mayar da IU zuwa maikirogiram

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni a Shara Mansur nake zaune a nan Makka tare da mahaifiyata, shekarunta 68. An yi mata gwajin jini aka ce bitamin D ɗinta ya yi ƙasa, likita ya ba ta kafso mai IU 50,000, ɗaya a mako har mako takwas. Ta gama, ya ce ta ci gaba da mai IU 1,000 kullum. Yayana ya aiko mata da wata kwalba daga Landan an rubuta 25 µg, a gefe kuma 500%. Wata 'yar'uwarmu ta zo Umara daga Amurka ta kawo wata, an rubuta 25 mcg amma 125%. Yayana ya ce a haɗa mata duka don 25 ba komai ba ne. Wacce ta fi ƙarfi? Kuma yaya ake wannan lissafin?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa Mama lafiya.

Kwalaben nan uku ƙarfinsu ɗaya ne. A bitamin D, IU 40 shi ne maikirogiram 1, don haka idan kika raba 1,000 gida 40 za ki sami 25. Ƙwaya ɗaya ta saidaliyyar Makka, wato kantin magani, da ƙwaya ɗaya ta Landan, da ƙwaya ɗaya ta Amurka, kowacce maikirogiram 25 ce, wato IU 1,000. Ki zaɓi ɗaya ki riƙa ba ta, idan ta ƙare ki buɗe ta gaba, kina farawa da wadda wa'adinta ya fi kusa. Idan aka haɗa mata duka ukun, za ta riƙa shan ninki uku na abin da likita ya rubuta.

Na daɗe ina aiki a saidaliyya a Jidda, kuma ba a cika yin mako ba wani bai ajiye min kwalabe biyu a kan kanta yana tambayar wacce ce ta gaskiya ba. Abin ya fi yawa bayan Hajji da lokacin Umarar azumi, sa'ad da 'yan'uwa ke zuwa daga ko'ina da tsaraba. Don haka bari in faɗaɗa, saboda gobe ki iya karanta kowace kwalba da kanki.

Awo biyu ne, tambayoyi biyu suke amsawa

Maikirogiram nauyi ne. Giram ɗaya miligiram 1,000 ne, miligiram ɗaya kuma maikirogiram 1,000 ne. Ƙwayar shinkafa guda nauyinta wajen miligiram 25 ne. Idan kika raba ƙwayar nan gida dubu, kashi ɗaya shi ne nauyin bitamin D da ke cikin kafson Mama. Duk sauran abin da idonki yake gani mai ne da ɓawo. A kwalabe za ki ga an rubuta shi µg ko mcg, duka abu ɗaya ne, Turai ta fi rubuta na farko, Amurka na biyu. Miligiram kuwa mg ake rubutawa. Harafi ɗaya ne ya raba mcg da mg, amma tazarar da ke tsakaninsu ninki dubu ce.

IU ba nauyi ba ne, awon aiki ne. Larabawa suna ce masa wahda dauliyya, wato ma'aunin da ƙasashen duniya suka amince da shi. Asalinsa tun zamanin da masana suka san cewa akwai wani abu a cikin man hantar kifi da ke warkar da gwamewar ƙafar yara, amma ba su iya tace shi zalla balle su auna nauyinsa ba. Sai suka riƙa gwadawa a kan ɓeraye: nawa za a ba ɓera mai ciwon ƙashi kafin ƙashinsa ya fara gyaruwa? A 1931 aka yi taro a Landan ƙarƙashin Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan lokaci, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, aka tsayar da samfurin da kowa zai riƙa kwatanta nasa da shi. Daga baya, da aka iya tace sinadarin, sai aka ƙayyade cewa IU ɗaya na bitamin D daidai yake da maikirogiram 0.025. Daga nan lambar 40 ta fito.

Ana iya kwatanta shi da mudu. Mudun gero da mudun garin kwaki duka mudu ne, amma idan aka ɗora su a kan sikeli nauyinsu ba zai zo ɗaya ba. Haka IU ɗaya na bitamin D da IU ɗaya na bitamin A da na bitamin E, kowanne nauyinsa daban. Shi ya sa lambar 40 ta bitamin D ce kaɗai, ko nau'insa na D2 ne ko na D3.

Lissafin kansa mai sauƙi ne. Daga IU zuwa maikirogiram ki raba da 40, daga maikirogiram zuwa IU ki ninka da 40. IU 400 da ake ba jarirai maikirogiram 10 ne. IU 2,000 maikirogiram 50 ne, IU 5,000 kuma 125. Kafson makon da Mama ta gama, mai IU 50,000, maikirogiram 1,250 ne, kuma a wasu kwalaye za ki ga an rubuta shi 1.25 mg. Ki lura da wannan sosai: kwalin da ya ce 1.25 mg ya ninka kwalbar da ta ce 25 µg sau hamsin, duk da cewa lambarsa ce ta fi ƙanƙanta a ido.

Ina 500% da 125% suka fito?

Nan ne mutane suka fi rikicewa, kuma ba laifinsu ba ne. Kason da ake rubutawa a gefen kwalba ba ya nuna ƙarfin ƙwayar. Yana kwatanta abin da ke ciki ne da wata lamba da hukumar ƙasar ta ajiye don rubutun kwalaye, kuma kowace ƙasa da tata lambar.

A Tarayyar Turai da Birtaniya lambar maikirogiram 5 ce, ana rubuta NRV a samanta. Maikirogiram 25 ya ninka 5 sau biyar, shi ne 500%. A Amurka lambar maikirogiram 20 ce, ana rubuta DV. Idan kika raba 25 da 20 za ki sami ɗaya da kwata, shi ne 125%. Akwai ma ta uku. Kafin hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sauya ƙa'idar rubutun kwalaye a 2016, lambarsu IU 400 ce, don haka wannan ƙwaya ɗin dai a tsohuwar kwalba 250% aka rubuta mata. An ba manyan kamfanoni wa'adi zuwa farkon 2020, ƙanana zuwa 2021, kuma a wannan sauyin ne aka umarce su su riƙa rubuta maikirogiram, wanda ya ga dama ya ƙara IU a cikin baka biyu. Ba a ƙara komai a cikin ƙwayar ba, ba a rage ba. Takardar jikin kwalba ce ta canza.

Shawarata ga duk wanda ke riƙe da kwalbar da aka kawo daga wata ƙasa ita ce ya rufe layin kason nan da yatsa. Lambar 5 ta Turai ba ita ce likitocin Birtaniya suke ba da shawara a kai ba ma, su maikirogiram 10 suke ce wa mutanensu su sha a lokacin kaka da hunturu. A Amurka abin da ake so baligi ya samu a rana maikirogiram 15 ne, wanda ya haura shekara 70 kuma 20. Kuma duk waɗannan na mai lafiya ne. Wadda gwaji ya nuna ƙarancin a jininta, kamar Mama, rubutun likitanta take bi.

A nan Saudiyya abin ya haɗu ya cakuɗe, domin kasuwarmu daga ko'ina take shigo da kaya. A kan kanta ɗaya za ki ga na Amurka da na Jamus da na Masar da wanda aka yi a nan gida. Likitocinmu kusan duka da IU suke rubutu. Wanda ya zo daga Nijar ko Chadi ko Faransa zai rubuta UI, haruffan a juye, na Jamus kuma I.E., duka ma'anarsu ɗaya. A wasu ƙasashen Turai, kamar Jamus, ɗigo suke sawa inda muke sa waƙafi, don haka 1.000 UI dubu ɗaya ce, ba ɗaya ba, 50.000 kuma dubu hamsin. Ga kuma lambobin Larabci, inda biyar take kama da sifili, sifili kuwa ɗan ɗigo ne da ke iya ɓacewa idan kwali ya goge. Idan kwalin yana da rubutu biyu, ki karanta duka ki ga sun yi daidai.

Wani lokaci kuma bambancin na gaske ne. Kamfani ɗaya yana iya sayar da abu mai suna ɗaya da launin kwali ɗaya a ƙasashe biyu, amma abin da ke ciki ya bambanta, domin wasu ƙasashe sun sa iyaka kan yawan bitamin da za a sayar ba tare da takardar likita ba, wasu kuma sun fi sassautawa. Don haka sunan da ke gaban kwalba ba hujja ba ne. Ki juya bayanta, ki nemi layin D3, sannan ki duba saman jadawalin ko lambar ta ƙwaya ɗaya ce ko ta biyu. Masu kama da alewa da ake taunawa sun fi yin wannan: a rubuta 50 mcg da manyan haruffa, a ƙasa kuma a ce idan an ci guda biyu.

Lissafin Mama

Abin da nake yi idan aka zo min da irin wannan shi ne in ce a kawo min duk abin da mutum yake sha a cikin leda ɗaya, har wanda ba a ɗauke shi magani ba. Dattawa masu ciwon gwiwa yawanci ba sa rasa ƙwayar kalsiyam, kuma yawancinsu akwai bitamin D a ciki. Sau da yawa akwai kuma ƙwayar haɗin bitamin.

A ce ƙwayar kalsiyam ɗin Mama tana da IU 400, tana shan biyu a rana. Maikirogiram 20 ke nan. A ce ƙwayar haɗin bitamin tana da 10 µg. Idan aka ɗora ƙwayar da likita ya rubuta, 25, jimla ta zama 55, wato IU 2,200. Wannan yana ƙasa da iyakar da hukumomin lafiya na Amurka da Turai suka tsayar wa baligi mai sha kullum ba tare da kulawar likita ba, wadda ita ce maikirogiram 100, IU 4,000. Idan kuma aka bi shawarar Yaya aka ƙara ta Landan da ta Amurka, an ɗora 50, jimla 105. An tsallake iyaka, alhali kowa a gidan yana ganin ƙananan lambobi ne kawai ake ba ta. Yini ɗaya ko mako ɗaya a haka ba zai yi mata komai ba. Matsalar ita ce bitamin D a mai yake narkewa, jiki yana ajiye shi a kitse, ba ya fita a fitsari kamar bitamin C, don haka wata da watanni yake taruwa.

Za ki iya cewa ai kafson makon ya fi haka. Gaskiya ne, IU 50,000 idan aka raba shi kwana bakwai ya haura IU 7,000 a rana. Amma wancan magani ne na cike gurbi, da ranar farawa da ranar gamawa, bisa gwajin jini.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro a wannan fanni ma a kan kafson makon yake. Wani dattijo ya taɓa dawo min bayan kwana takwas yana neman wani kwalin, ya ce nasa ya ƙare. Kwalin na wata biyu ne. An faɗa masa da Larabci cewa sau ɗaya a mako, shi kuma Larabcinsa na kasuwa ne, ya ga kafson ɗan ƙarami, sai ya riƙa haɗiya kowace safiya tare da maganin hawan jininsa. IU 400,000 ya sha a kwana takwas. Na hana shi wani, na tura shi a auna kalsiyam ɗin jininsa da aikin ƙodarsa a ranar. Allah ya kiyaye, bai kai ga kwanciya ba. Tun daga lokacin nake rubuta "ranar Juma'a kaɗai" da Hausa a jikin kwalin duk Bahaushen da na sallama. Alamun da ake dubawa idan abin ya yi yawa su ne ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, tashin zuciya, rashin cin abinci, taurin bayan gida, kasala, a dattawa kuma har rikicewar tunani. Duk suna zuwa ne daga hawan kalsiyam a jini. A zafin Makka mutum zai ɗauka rana ce ta sa shi ƙishi, mai ciwon suga kuma ya ɗauka sugansa ne ya tashi, shi ya sa ake makara kafin a gane.

Inda lambar 40 ba ta aiki

Akwai wasu ƙananan kafso da ake ba masu ciwon ƙoda da masu matsalar kalsiyam, alfakalsidol da kalsitirayol. Mutane suna kiransu bitamin D, kuma danginsa ne. Za ki ga an rubuta 0.25 mcg ko 0.5 ko 1. Wanda ya koyi lissafin nan zai ninka 0.25 da 40 ya sami IU 10, ya ce ai wannan ba komai ba ne. Wannan kuskure ne mai haɗari. Bitamin D na yau da kullum sai ya bi ta hanta sannan ya bi ta ƙoda kafin ya zama mai aiki, kuma ƙoda ce ke ƙayyade yawan abin da za a kunna. Kalsitirayol a kunne yake zuwa, alfakalsidol kuma hanta kawai yake buƙata, don haka dukansu sun tsallake wannan ƙofa. Ba a auna su da IU, ba a musanya su da D3, kuma ba a ƙara ko ƙwaya ɗaya sai da likita. Idan akwai ɗayansu a ledar Mama, ki nuna wa likitanta kafin ta ci gaba da komai.

Ruwan ɗigo na jarirai ma a yi hattara da shi, tun da ba a rasa jikoki a gida. Wani ɗigo ɗaya IU 100 ne, ana ba da huɗu. Wani ɗigo ɗaya IU 400 ne. Wani kuma sai an cika mililita guda kafin a sami 400. Uwar da ta saba da ɗigo huɗu, idan aka kawo mata na biyun daga waje ta ci gaba da huɗu, jaririnta yana shan IU 1,600 a rana.

Bitamin A lissafinsa daban. IU ɗaya na retinol, ainihin bitamin A, maikirogiram 0.3 ne, wato ki ninka IU da uku ki raba da goma. IU 5,000 maikirogiram 1,500 ne, IU 10,000 kuma 3,000, wanda shi ne iyakar baligi a rana. Wannan ya shafi mai ciki fiye da kowa, domin retinol mai yawa a farkon ciki yana iya jawo nakasa ga ɗan tayi. Idan mai ciki ta raba 10,000 da 40 ta sami 250, za ta ɗauka tana nesa da iyaka alhali a kanta take tsaye. Sababbin kwalaye suna rubuta RAE ko RE bayan lambar, saboda wani ɓangare na bitamin A ɗin yana iya zama beta-karotin, irin na karas, wanda jiki ke mayarwa gwargwadon buƙatarsa kuma bai shiga cikin waccan iyaka ba. Sai a duba jerin sinadaran a ga wanne ne a ciki.

Bitamin E da miligiram ake auna shi, kuma lamba biyu gare shi. Idan an rubuta d-alpha, na asali ne, IU ɗaya miligiram 0.67. Idan an rubuta dl-alpha, haɗin masana'anta ne, IU ɗaya miligiram 0.45. Shi ya sa kwalabe biyu masu IU 400 a tsohon rubutu, a sabo ɗaya take cewa 268 mg, ɗayar 180 mg.

Abu na ƙarshe, tun da Yaya yana Landan kuma na san za ki aika masa da hoton sakamakon gwajin. Shi ma gwajin jinin awo biyu gare shi. Ɗakunan gwaji a nan wasu suna rubuta ng/mL, wasu nmol/L, Birtaniya kuwa na biyun take amfani da shi. Ana ninka na farko da biyu da rabi a sami na biyu, don haka 20 ng/mL shi ne 50 nmol/L. Idan takardar Mama ta ce 30, dole a duba haruffan da ke gefen lambar: 30 ng/mL ya wadatar, 30 nmol/L kuwa 12 ng/mL ne kacal, yana bakin ƙarancin da ake yi wa magani. Yaya zai iya ganin lambar Makka ya auna ta da ma'aunin Landan ya firgita.

Lissafin kwalabe shi ne aikina, kuma na tsaya a kan abin da na faɗa miki. Amma ko IU 1,000 ya ishe ta, ko sai an ƙara, wannan hukuncin likitan da ya ga jininta ne, musamman idan tana da ciwon ƙoda, ko ta taɓa yin tsakuwar ƙoda, ko tana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, domin wasu daga cikinsu suna riƙe kalsiyam a jiki. Yawanci ana sake gwajin bayan kamar wata uku. Ranar da za ku koma, ki tafi da ledar gaba ɗaya har da kwalaben tsarabar, ki rubuta jimlar maikirogiram ɗin a takarda ki miƙa masa. Kafin nan, ƙwaya ɗaya a rana bayan abincin da yake da ɗan maiƙo, sauran kwalaben biyu kuma a ajiye su a ɗaki mai sanyi, nesa da kicin da taga, don zafin nan namu yana manne kafso masu mai.